Darasi na 14: Taƙaita Littafin Binciken Laifi a Shafi Guda

Idan marubuci ya kai ƙarshen littafinsa, ya ajiye alƙalami ya yi hamdala, to da sauran wani ɗan aiki a gabansa wanda, ko da yake bai wuce shafi guda ba, sau da yawa yakan fi babi goma ba shi wahala, watau rubuta taƙaitawar da zai aika wa masu ɗab'i. Al'adar kamfanonin buga littattafai da wakilan marubuta na Landan da New York, wadda yanzu ta iso har Ikko da Abuja, ita ce ba su cika karɓar littafi sukutum daga hannun wanda ba su sani ba. Abin da sukan nema tun farko shi ne gajeriyar wasiƙa, da babi uku na farkon littafin ko abin da ya yi kusa da haka, da kuma taƙaitawa. Babi ukun nan su za su nuna ko mutum ya iya sarrafa harshe, amma ba za su nuna ko ginin da aka ɗora harsashinsa ya kai ga rufi ba, don haka ne edita yake komawa ga taƙaitawa ya ga inda labarin ya dosa da inda ya sauka.

Shafi guda, idan an buga shi da haruffa madaidaita kuma ba a bar fili tsakanin layuka ba, yakan ɗauki kalmomi 400 zuwa 500. Littafin binciken laifi kuwa, bisa ga yadda aka saba, yakan kai kalmomi 70,000 zuwa 90,000. Idan muka ɗauki na 80,000 muka raba da 500, za mu ga cikin kowace kalma 160 ɗaya tak za ta tsira. Wanda ya riƙe wannan lissafi a ransa zai daina tunanin matse littafin har ya shiga shafi, domin ba ya matsuwa. Sai dai a zaɓi abin da za a ɗauka, a bar saura da gangan.

Kafin mu shiga yadda ake zaɓen, wajibi ne mu raba taƙaitawa da wata 'yar'uwarta da ake yawan rikita su, wato rubutun da ake sa wa a bangon bayan littafi. Wancan don mai saye aka yi shi, aikinsa shi ne ya kwaɗaitar, ya nuna gawa a ɗaki da ƙofa a kulle, sa'an nan ya yi shiru. Na sha karɓar aikin ɗalibai a wannan aji wanda ya tafi daidai har kusan ƙarshen shafi, sai in tarar an rufe da cewa: «Shin wane ne ya kashe Alhaji? Shin Sufeto zai gano shi kafin ya sake kisa? Sai a nemi littafin.» Da na tambayi ɗaya daga cikinsu dalili, sai ya ce, «Malam, ai in na faɗi wanda ya yi kisan na zubar da daɗin labarin.» Na ce masa editan da zai aika wa ba daɗi ya zo ji ba, kuɗin kamfaninsa zai zuba, ba kuwa zai yi cinikin biri a sama ba. Littafin binciken laifi alkawari ne marubuci ya ɗauka tun shafin farko cewa akwai warwara mai gamsarwa a ƙarshe, kuma galibin littattafan da suka lalace a wurin cika wannan alkawari suka lalace. Edita ya san haka sarai, saboda haka in an ɓoye masa ƙarshe zai yi zaton ko dai marubucin bai san ƙa'ida ba, ko kuwa ƙarshen ne ba shi da ƙwarin da za a nuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Akwai kuma wani kuskure da ya saɓa wa wannan, wanda na fi gani ga waɗanda suka yi karatun zaure. Sun san Muhtasar na Shaihu Halilu, Bamisire, wanda ya dunƙule fiƙihun Malikiyya cikin lafuzza 'yan kaɗan, har ya zamana ba a karanta shi sai da sharhi da malami a gefe, sai su ɗauka haka taƙaitawa take, su cika shafi da ishara da guntayen jimloli waɗanda su kaɗai suka san abin da ke ƙarƙashinsu. To shi Muhtasar an yi shi ne don a haddace a kuma warware a gaban malami, ita kuwa taƙaitawarka ita kaɗai za ta shiga ofishin edita, ba sharhi, ba hashiya, kai kuma ba ka nan balle a tambaye ka. Lalle ne wanda bai taɓa jin labarin ba ya karanta ta sau ɗaya ya fahimta.

Wani masanin adabi, Tzvetan Todorov, ya yi bayani a 1966 cewa littafin binciken laifi labari biyu ne a cikin bango ɗaya. Na farko shi ne labarin laifin kansa: wane ya yi, don me, ta yaya, da ƙarfe nawa. Na biyu shi ne labarin bincike, wanda yake farawa bayan na farko ya ƙare, kuma aikinsa shi ne tono na farkon kaɗan kaɗan. Mai karatu na biyun yake bi, na farkon kuwa sai a ƙarshe yake ganinsa a haɗe. Amfanin wannan ga mai taƙaitawa shi ne ya gane ta inda zai fara aiki. Mafi yawan mutane sukan buɗe babi na ɗaya su fara taƙaita shi, su wuce na biyu, kafin su kai na shida shafi ya cika. Hanyar da ta fi ita ce a rufe littafin, a ɗauki wata takarda dabam, a rubuta labarin laifin a jere kamar yadda ya auku, cikin layi biyar ko shida, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Wannan takarda ba ita za a aika ba, amma ita ce ma'aunin da za a auna kowane abu da shi.

Bari mu gwada da littafin da ya shahara, wanda Agatha Christie ta fitar a 1926 a kan kisan Roger Ackroyd. Na zaɓe shi ne domin duk darajarsa tana ga sirrin ƙarshensa, saboda haka in har ya halatta a tona nasa a taƙaitawa, to ba wani littafin da zai kawo uzuri. Wanda bai karanta ba kuma yana da niyya, ya yi mini afuwa, darasin ba zai yiwu ba sai da tonon.

Ga labarin laifin a jere. Likita Sheppard ya gane cewa wata mata, Uwargida Ferrars, guba ta ba mijinta, sai ya riƙa tatsar kuɗinta da barazanar tona asiri. Da abin ya ishe ta sai ta kashe kanta, bayan ta aika wa Ackroyd, attajirin da zai aure ta, wasiƙa mai ɗauke da sunan mai tatsar. Likitan ya soke Ackroyd da wuƙa a ɗakin karatunsa kafin ƙarfe tara na dare, ya bar na'urar ɗaukar magana da ya saita don ta yi magana da muryar mamacin da tara da rabi, lokacin shi yana gida. Ya bar sawun takalman Ralph Paton, agolan Ackroyd, a bakin taga, ya kuma shirya a buga masa waya don ya sami hujjar komawa gidan da jakarsa ya ɗauke na'urar. Wannan shi ne duka, kuma bai kai kalma 120 ba.

Yanzu sai a dubi abin da ke cikin littafin wanda ba ya cikin waɗannan layuka, a ga yawansa. Akwai babban baran gidan, Parker, wanda shi ma ya taɓa tatsar wani ubangidansa na da. Akwai mai kula da gidan, wadda take da ɗa a ɓoye, ɗan kuma ya zo neman ta a daren kisan. Akwai 'yar aikin falo, wadda ashe ta auri Ralph a asirce. Akwai matar ƙanin Ackroyd mai fama da bashi, da sakatarensa, da wani baƙo maharbi, da lauya, da 'yan sanda. Akwai Flora, 'yar ƙanin Ackroyd, wadda ta saci fam 40 a ɗakin kwanansa. Akwai mai binciken, Poirot, da ya yi ritaya yana noman kabewa a lambu, da daren da aka zauna wasan caca ana tsegumi, da yayar likitan, Caroline, wadda ba abin da ke wucewa a ƙauyen ba ta sani ba. Waɗannan su ne naman littafin, su ne suke sa a yi ta juya shafi, kuma kusan dukkansu ba za su shiga taƙaitawa ba.

Ma'aunin da za a yi hukunci da shi guda ɗaya ne: a cire abu a gani, in sakin layi na ƙarshe, inda ake warware laifin, ya ci gaba da ba da ma'ana ba tare da shi ba, to ba shi da gurbi. A gwada da Parker. Tsohon laifinsa an sa shi ne don ɓad da sawu, a ja hankalin mai karatu zuwa gare shi na ɗan lokaci. In an cire shi, hujjar da ta kama likitan ba ta ragu da ƙwayar zarra ba, saboda haka ya fita. Haka ɗan mai kula da gida. Amma a gwada da Flora. Satar kuɗin ita kanta ba ta da nauyi, sai dai don ta rufe satar ne ta yi ƙaryar cewa ta yi wa baffanta sai da safe da ƙarfe goma saura kwata, kuma wannan ƙarya ita ce ta sa kowa ya yi imani Ackroyd yana da rai a lokacin. Ranar da ta janye maganar, lokacin kisan ya koma baya, duk wanda ya fita daga zargi saboda lokaci ya dawo cikinsa. Flora ke nan ta shiga, amma da ƙaryarta za ta shiga, satar kuwa rabin jimla ya ishe ta. Sauran masu sirri a gidan jimla ɗaya za ta ɗauke su gaba ɗaya, ba tare da ambaton sunan kowa ba.

Haka za a yi da alamun da mai bincike ya bi, waɗanda malaman fiƙihu za su kira ƙara'in, watau abubuwan da ke nuni ga gaskiya ba tare da wani ya gani da ido ba. Littafin yana cike da su, har da zoben aure da aka tsinta a kududdufin lambu da guntun ƙyalle a rumfar shaƙatawa, amma waɗanda suka kai Poirot ga likitan uku ne: wayar da aka buga, da kujerar da aka jawo daga bango don ta kare teburin da na'urar ke kai, da mintuna biyar da suka ɓace a bayanin likitan, domin ya ce ya bar gidan tara saura minti goma ya isa ƙofar waje tara daidai, alhali tafiyar ta minti biyar ce. Waɗannan ukun dole su shiga, kuma dole su shiga sau biyu: a shuka su a sama inda mai karatu ya fara gamuwa da su, a girbe su a ƙasa. Editan da ya ga alama a farkon shafi ya sake ganin ta ta yi aiki a ƙarshensa ya sami abin da ya zo nema, domin ya tabbata an yi wa mai karatu adalci.

Ga yadda shafin zai iya kasancewa.

«LIKITA SHEPPARD, wanda da bakinsa ake ba da labarin duka, likita ne a wani ƙauyen Ingila mai suna King's Abbot, yana zaune da yayarsa. An kira shi ga gawar UWARGIDA FERRARS, wadda ta sha maganin barci fiye da kima. A daren ranar, ROGER ACKROYD, attajirin da ke shirin aurenta, ya gaya masa a ɗakin karatu cewa ta yi masa iƙirarin kashe mijinta na fari da guba, kuma akwai wanda ya sani yana tatsar kuɗinta. Suna cikin magana aka kawo wasiƙarta ta ƙarshe mai ɗauke da sunan mutumin, amma Ackroyd ya ƙi karanta sunan a gaban kowa. Sheppard ya ce ya fita tara saura minti goma, ya kai ƙofar waje tara daidai.

«Bayan ƙarfe goma aka buga wa Sheppard waya a gida, ya sanar cewa an kashe Ackroyd. Ya garzaya da jakarsa, aka ɓalle ƙofar ɗakin, aka tarar da shi da wuƙa a wuya, wasiƙar ta ɓace, taga a buɗe, an kuma jawo wata kujera daga wurinta. An ji muryar Ackroyd a ɗakin da tara da rabi, kuma FLORA, 'yar ƙaninsa, ta ce ta gan shi goma saura kwata, saboda haka ba wanda ya tuhumi likitan. Zargi ya faɗa kan RALPH PATON, agolan mamacin kuma magajinsa, wanda bashi ya yi wa katutu, aka ga sawun takalmansa a taga, shi kuma ya ɓace. Flora, wadda aka yi wa baiko da shi, ta roƙi HERCULE POIROT, shahararren mai bincike da ya yi ritaya a ƙauyen, ya wanke shi. Poirot ya ɗauki Sheppard mataimaki, Sheppard kuma yana rubuta duk abin da ke gudana.

«Poirot ya gano kowa a gidan yana ɓoye wani sirri da bai shafi kisan ba. Mafi nauyi shi ne na Flora: ba ta ga baffanta ba sam, ta yi ƙarya ne don rufe kuɗin da ta ɗauka. Da wannan shaida ta rushe, saura muryar tara da rabi, sai Poirot ya gano Ackroyd ya sayi na'urar ɗaukar magana wadda ba a same ta a ɗakin ba. Ya kuma gano Ralph a wani gidan jinya, inda Sheppard ne ya ɓoye shi da sunan taimako.

«Bayan ya sallami kowa, Poirot ya fuskanci Sheppard su biyu. Muryar ta na'ura ce, kujerar an jawo ta don ta kare na'urar, wayar kuwa wani majinyacin likitan ne ya buga bisa umurninsa, don ya zama na farko a ɗakin da jakar da zai ɗauke ta. Tafiyar minti biyar ta ɗauke shi goma domin ya zagaya ya bar sawun Ralph. Shi ne likitan da ya duba mijin Uwargida Ferrars, shi ne mai tatsar, shi ne ya yi kisan don kada wasiƙar ta tona shi. Poirot ya ce da safe zai kai wa 'yan sanda, amma ya bar masa daren saboda yayarsa. Sheppard ya rubuta babi na ƙarshe, ya nuna wuraren da ya tsallake gaskiya a labarinsa ba tare da ya yi ƙarya ba, sa'an nan ya yi shirin shan irin maganin da ya kashe Uwargida Ferrars.»

A lura da jimlar farko. Littafin da «ni» aka rubuta shi, taƙaitawar kuwa da «shi», domin ƙa'ida ita ce marubuci ya tsaya a waje ya ba da labari, ko da wane baki aka yi amfani a littafin. Amma da yake dabarar wannan littafi duka ta rataya ne a kan cewa mai ba da labari shi ne mai kisa, ya zama tilas a gaya wa edita tun kalmomin farko wane ne ke magana, in ba haka ba zai kai ƙarshe ya ga wani likita ya yi kisa, ya rasa abin mamaki a ciki. A lura kuma da «Sheppard ya ce ya fita», maimakon «Sheppard ya fita». Taƙaitawa tana iya jinkirta gaskiya zuwa sakin layi na huɗu, amma ba ta da izinin faɗin abin da ba haka ba a na farko. Wasu sukan fi son a bayyana mai laifi tun a sama, suna cewa edita ba ya bukatar a yi masa wasan ɓuya ko na sakin layi uku ne. Ra'ayin yana da fuska, amma ni na fi karkata ga bin tsarin da littafin ya bi, domin ta haka ne edita zai ga lokacin da kowane abu ke bayyana ga mai karatu, wanda shi ne ainihin sana'ar mai rubuta irin wannan labari.

Sunaye shida ne a shafin, kuma ban so su kai haka ba. Huɗu ko biyar sun fi sauƙin riƙewa. Caroline, wadda mutane da yawa suke ganin ita ce mafi armashi a littafin, ta koma «yayarsa» sau biyu, na farko don a san da ita, na biyu don a gane dalilin sassaucin Poirot. Auren asirin Ralph kuwa na bar shi ne da nauyin zuciya, domin yana cikin abin da ya sa ya yarda ya ɓuya, kuma mai karatu mai kaifin hankali zai iya tambaya me zai sa marar laifi ya gudu. Na toshe gurbin da kalmomi uku, «da sunan taimako», na san kuma toshiya ce. Da shafi biyu aka ba ni da shi zan fara mayarwa. Ba a taƙaita littafi ba tare da irin wannan asara ba, abin da ake so shi ne marubuci ya san me ya yar da kuma dalilin yar da shi.

Abubuwan da suka rage na bari ba su bukatar dogon bayani. Hirar 'yan wasa ba ta shiga, haka siffanta gari da yanayi da tufafi, haka tarihin yarintar mai bincike, sai fa idan shi ne ya sa ya karɓi aikin ko ya makantar da shi ga mai laifi. Yabon kai ma ba ya shiga: kada a rubuta cewa labari ne mai tsuma zuciya ko mai cike da darussa, wannan hukuncin edita ne, kuma wanda ya riga alƙali yanke hukunci bai taimaki ƙararsa ba. A saman shafi a sa sunan littafi da na marubuci da adadin kalmomi. Rubuta suna da manyan baƙaƙe a farkon ambatonsa al'ada ce da ake yawan bi don ido ya same shi da sauri, ba farilla ba ce. Wanda zai rubuta da Turanci ya sani su sun saba ba da taƙaitawa da sigar abin da ke faruwa yanzu. A Hausa kuwa sigar ba da labari da muka saba ita ta fi zama daidai, kamar yadda aka gani a sama. In kamfani ya faɗi tsawon da yake so, nasa ake bi.

Sau da yawa taƙaitawa takan ƙi rubutuwa, marubuci ya yi ta zargin kansa da rashin iya taƙaitawa, alhali cutar a littafin take. Ana gane haka ta wurin kalmomin da ke haɗa jimloli. In aka duba aka ga «sai» da «sa'an nan» ne kawai tun daga sama har ƙasa, aka nemi inda za a sa «saboda haka» ko «domin» aka rasa, to abubuwan suna bin juna ne kawai, ba su haifar da juna. Mafi muni shi ne sakin layi na ƙarshe ya ƙunshi «kwatsam» ko «cikin ikon Allah»: mai bincike ya yi mafarki, ko ya ji ana magana a bayan katanga, ko mai laifi ya zo da ƙafarsa ya yi iƙirari ba tare da an ƙure shi da hujja ba. A littafi mai shafi 300 ana iya lulluɓe wannan da daɗin zance, a shafi guda kuwa ba abin lulluɓawa. Haka nan in sunan mai laifi bai bayyana ba sai a layukan ƙarshe. Ronald Knox, a cikin ƙa'idodi goma da ya tsara wa marubuta irin wannan labari a 1929, ya fara ne da sharaɗin cewa mai laifi ya zama wanda aka ambata tun farkon labari. Ya ƙara da cewa kada ya zama wanda aka bar mai karatu ya shiga tunaninsa, sharaɗin da littafin Christie ya riga ya taka shekara uku kafin a rubuta shi, kuma har yau ana karanta shi. Amma sharaɗin farko ban ga wanda ya taka shi ya sha ba. Wanda ya tarar da ɗaya daga cikin waɗannan a shafinsa, ya ajiye taƙaitawar ya koma ga littafin, gyaran can yake.

Duk abin da muka faɗa ya fi dacewa da labarin da tambayarsa ita ce wane ne ya yi. Akwai wani nau'in da ake sanin mai laifi tun farko, kamar littafin Dostoyevsky na 1866, inda muke tare da ɗalibin nan Raskolnikov lokacin da ya kashe tsohuwa mai ba da bashi a kan jingina. A irin wannan ba alamu za a shuka a girbe ba, matakan da igiya take bi tana matse wuyan mai laifi za a jera, da abin da ya karya shi a ƙarshe. Ma'aunin dai bai sauya ba, daga ƙarshe ake aunowa.

Aikin wannan mako kashi biyu ne. Kowa ya ɗauki littafinsa, ko wani littafin binciken laifi da ya karanta har ƙarshe, ya rubuta labarin laifin a jere cikin layin da bai wuce shida ba, sa'an nan ya rubuta taƙaitawar da ba ta wuce kalma 500 ba, ya ja layi a ƙarƙashin kowace alama a inda aka shuka ta da inda aka girbe ta. Bayan haka ya ba wani wanda bai san labarin ba ya karanta sau ɗaya, ya karɓe takardar, ya tambaye shi wa ya yi kisan, don me ya yi, kuma da wace hujja aka kama shi. A rubuto amsoshin mutumin yadda ya faɗe su, ba gyara, a haɗo da takardun biyu ranar darasi mai zuwa.